Yadda Ake Haɗa Bidiyon Tarihin Sahabi Ba Tare da Nuna Fuska Ba: Misalin Salmanul Farisi

Masu karatu da dama suna ta tambayar yadda za a ba da tarihin sahabi a bidiyo ba tare da an sa wani ya fito a matsayinsa ba, kuma ba tare da mai kallo ya gaji ya wuce ba. Hanyar da ta fi tsafta ita ce murya ta ɗauki labarin, ido kuma a ba shi abu uku: rubutun hannu, taswira, da kayan da aka ambata a cikin ruwayar. Za mu bi aikin daga farko zuwa ƙarshe da tarihin Salmanul Farisi (RA), domin tarihinsa tafiya ce daga gari zuwa gari, kuma kusan kowane zango yana da abin da za a iya ajiyewa a gaban kyamara. Abin da muke nufin fitarwa shi ne bidiyo na minti 8, da waya ɗaya.

1. Tsayar da ruwaya kafin komai

Kada ka fara da kyamara. Fara da ruwayar da za ka tsaya a kanta. Dogon labarin musuluntar Salmanu ya zo ta hanyar Abdullahi ɗan Abbas (RA) daga bakin Salmanu kansa, yana cikin Musnad na Imamu Ahmad da Sirar Ibn Hisham. Ɗauki wannan ta zama ƙashin bayan aikin, ka fitar da zangunanta a takarda bi da bi: ƙauyen Jayyu na Isfahan inda mahaifinsa yake shugaban gari shi kuma yake kula da wutar bauta, marin da aka sa masa a ƙafa, gudu zuwa Sham, limamin kirista da ya tara tulu 7 na zinariya da azurfa, sai Mosul, Nasibin, Ammuriyya, sayar da shi a Wadil Kura, zuwansa Madina, alamomi uku, fansar kansa, sannan yaƙin Khandak a shekara ta 5 bayan hijira.

Hattara a nan: a cikin Sahihul Bukhari Salmanu ya ce shi mutumin Ramahurmuz ne, dogon labarin kuma ya ce Jayyu. Kada ka ɓoye ɗaya. Jimla guda ta isa ka faɗi cewa ruwayoyi biyu ne, kuma taswirar tana bin ta Isfahan. Maganar da ake yawo da ita cewa ya rayu shekara 250 ko 350, ka bar ta. Haka hadisin da ke cewa Salmanu yana cikin iyalan gidan Annabi, malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, don haka kada ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a allo sai malamin da zai duba aikin ya amince.

2. Rubuta abin da za a faɗa

Mai ba da labari da Hausa cikin natsuwa yakan faɗi kalma 120 zuwa 130 a minti. Minti 8 ke nan yana neman kalma kusan 1,000, har ma ƙasa da haka, tunda akwai wuraren da za ka yi shiru rubutu ya gama fitowa. Rubuta gajerun jimloli, ka karanta su da ƙarfi. Duk jimlar da numfashinka ya yanke kafin ta ƙare, raba ta biyu.

Ruwayar ta zo ne da bakin Salmanu: "na kasance", "na tafi". Idan ka karanta ta haka tun daga farko har ƙarshe, muryarka ta zama muryar sahabi, ka koma wasan kwaikwayon da kake gudu. Mayar da ita zuwa "ya kasance", "ya tafi". Inda kake son kalmarsa ta fito yadda take, gabatar da ita da "Salmanu ya ce". Maganar Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ita ma haka: mai ba da labari ya faɗe ta da muryarsa ta kullum, bai canza sauti ba, bai sa amsa-kuwwa ba, bai ɗauko wani ya karanta ta daban ba.

Da ka gama, kai wa malami masanin sira ya duba. Yanzu ne gyara yake da arha. Bayan an ɗauki murya an jera hotuna, canza jimla ɗaya yana iya rushe aikin yini guda.

3. Raba kowace jimla da hotonta

Ja layi a tsakiyar takarda. Dama jimlolin labari, hagu abin da ido zai gani. Ƙa'idar rabon mai sauƙi ce. Idan jimlar tana maganar tafiya ko wuri, taswira. Idan tana ɗauke da suna, ko magana da aka faɗa, ko adadi, rubutu. Idan wani abu ne ya faru, a nemi kayan da abin ya faru da shi ko a kansa. Hoto ɗaya ya zauna daƙiƙa 6 zuwa 8, don haka minti 8 zai ci hoto 60 zuwa 80. Wannan adadin yakan ba mutane mamaki, amma tulu ɗaya ana iya ɗaukarsa ta fuska huɗu, taswira ɗaya kuma za a dawo mata sau da yawa.

Ga yadda ake raba wuri ɗaya, lokacin da Salmanu ya ji labarin isowar Annabi (SAW). Ruwayar ta ce yana saman bishiyar dabino yana aiki, ubangidansa na zaune a ƙasa, sai ɗan'uwan ubangidan ya zo yana tsine wa Banu Kaila, wato Ausu da Khazraj, yana cewa sun taru a Kuba wajen wani mutum da ya zo daga Makka. Jikin Salmanu ya ɗauki rawa har ya yi zaton zai faɗo. Ya sauko yana tambaya, ubangidan ya kai masa naushi ya ce ya koma aikinsa. Hoto na farko: kyamara a gindin dabino tana kallon sama. Na biyu: taswirar Madina, ana ɗiga jar tawada a kan Kuba ta kudu. Na uku: ganyen dabino kusa-kusa yana kaɗawa, daidai inda ake maganar rawar jiki. Na huɗu: kyamara tana saukowa a jikin kututturen a hankali. Na biyar: igiya da kwando yashe a ƙasa, murya ta yi shiru daƙiƙa biyu. Babu mutum ko ɗaya a cikin hotunan nan biyar, kuma mai kallo bai rasa komai ba.

Babban gargaɗin aikin duka yana wannan matakin. Ɓoye fuska kaɗai bai wadatar ba. Inuwar mutum a bango, baƙin hoton mai rawani daga baya, ƙafa tana tafiya a rairayi, hannu yana miƙa dabino, duk mai kallo zai ɗauke su jikin sahabin ne. Hannun da kawai ya halatta ya shigo shi ne na mai rubutu yana rubutu, domin kowa ya san na wanene. Dunƙulen haske da wasu ke sawa a madadin Annabi (SAW) shi ma a ganina a bar shi, tunda siffantawa ce ta wata hanya. Wurin da Salmanu ya zagaya baya ya ga hatimin annabta, kada a zana komai. Sa farar takarda, a rubuta kalmar da Larabci, murya ta yi sauran aikin.

4. Ɗauki murya, sannan hoto

Masu farawa sukan ɗauki hotuna tukuna, su dawo suna jan murya tana bin hoto. Juya tsarin. Murya ce ma'auni, ita za ta gaya maka tsawon kowane hoto.

Nemi ƙaramin ɗaki mai katifa, labule da kaya a rataye, domin ɗaki fanko mai tayil yana mayar da sauti. Kashe fanka da firji. Bayan sallar isha da daɗewa ko bayan asuba kafin gari ya tashi ya fi, lokacin da janareton maƙwabta da babura suka lafa. Makirufo ɗan maƙalawa a wuyan riga ya wadatar, a nesa da baki kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkace don kada iskar "f" da "b" ta buge shi. Sa wayar a yanayin jirgin sama. Kafin ka fara magana bar daƙiƙa 10 na shiru, da shi za a cire ƙarar ɗaki daga baya a Audacity, wanda kyauta ne. Duba ma'aunin sauti: mafi ƙarfin maganarka ya tsaya wajen -6 dB. Idan ya taɓa 0, muryar ta fashe, kuma babu manhajar da za ta mayar da ita daidai.

Ɗauka sakin layi bayan sakin layi. Idan ka yi kuskure, tafa hannu sau ɗaya ka maimaita jimlar. Tafin zai fito kamar tsini a zanen sautin, ka gane wurin yankewa nan take. Sunaye kuwa ka tambayi yadda ake furta su kafin ka zauna: Nasibin, Ammuriyya, Banu Kuraiza, Mada'in.

5. Rubutun hannu

Ba sai ka je nesa ba. Alarammomin da suke rubuta Alƙur'ani da ka a tsangayu suna da hannun da ya fi kowane rubutun kwamfuta kyau a kyamara. Kai masa jerin abin da zai rubuta, wanda malami ya riga ya duba: sunan Salmanu, sunayen garuruwa takwas ko tara, alamomi uku (ba ya cin sadaka, yana karɓar kyauta, akwai hatimi tsakanin kafaɗunsa), da sharaɗin fansa, dashen dabino 300 da ukiyya 40, wato ma'aunin nauyi na zamanin. Ku daidaita ladansa tun farko, kuma ka sa sunansa a ƙarshen bidiyon idan ya yarda.

Ku tsayar da salo ɗaya. A rubutunmu na warash, ɗigon harafin fa yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Sunan Alfarisi yana da fa, don haka wanda ya saba da bugun gabas kaɗai zai iya zaton kuskure ne. Ba kuskure ba ne, kuma ga masu kallo Hausawa wannan hannun ya fi kusa da zuciya. Abin da ba a so shi ne a gauraya, rabi warash rabi bugun gabas.

Yadda ake ɗauka: ɗaure wayar a sama tana kallon takarda kai tsaye, tazarar santimita 40 zuwa 50. Idan babu ƙafar kyamara, katako a kan tarin littattafai biyu ya isa, amma kada ya taɓa teburin da ake rubutu a kai, in ba haka ba kowane motsin alƙalami zai girgiza hoton. Maƙale takardar da salatif ta gefe huɗu. Haske ya fito daga gaban mai rubutu, ya ɗan karkata hagu, don inuwar hannunsa ta faɗa wajen jikinsa. Danna allon wayar ka riƙe har haske da saiti su kulle. Idan ba ka kulle ba, duk shigowar hannu hoton zai yi duhu ya washe. Alƙalamin gamba mai faɗin baki ya fi fitowa, takarda kuma mai kauri wadda tawada ba ta nashewa a kanta. Gwada ɗigo ɗaya a gefe tukuna.

Kuskure biyu suna yawan faruwa. Na farko, ɗauka da kyamarar gaba, wadda a wayoyi da yawa take juya hoto kamar madubi, rubutun ya fito a birkice. Yi amfani da ta baya. Na biyu, buga Larabci kai tsaye a manhajar haɗa bidiyo. Wasunsu suna rarraba haruffan ko su jera su daga hagu, kuma wanda bai iya karatun ba ba zai lura ba. Duk Larabcin da zai fito ya zama hoton rubutun hannu.

Takardun da aka rubuta sunan Allah ko na Manzonsa a kai, kada a ajiye su a ƙasa yayin aiki, kada a ɗora musu kaya, kuma bayan an gama a adana su yadda ake adana irinsu.

6. Taswira

Zana ta da hannu a kan babban kwali. Idan kana son launin tsufa, shafa masa ruwan shayi mai kauri da soso, ka bar shi ya bushe a ƙarƙashin abu mai nauyi kafin tawada ta hau. Don siffar gaɓar teku da koguna, kwafa daga taswirorin Natural Earth, waɗanda kowa yana da damar amfani da su. Hoton allo daga manhajar taswira ta kamfani yana da sharuɗɗan mallaka, ga shi cike da titunan yau.

Ga inda garuruwan suke. Isfahan tana tsakiyar Iran ta yau. Mosul tana bakin kogin Dijla a arewacin Iraƙi. Nasibin ita ce Nusaybin, a kan iyakar Turkiyya da Siriya. Ammuriyya kufai ce yanzu a yankin Afyonkarahisar na Turkiyya, can yamma sosai, kuma nisan nan ya kamata ido ya gan shi. Wadil Kura tana arewa da Madina, yankin Al'ula. Mada'in, inda ya yi gwamna kuma ya rasu, tana kudu maso gabas da Bagadaza ta yau.

Hattara da abu uku. Ruwayar ta ce Sham, ba ta ambaci gari ba, don haka shafa wa yankin launi, kada ka kafa ɗigo a Dimashƙa. Kada ka zana iyakokin ƙasashen yau. Dauloli biyu ne a lokacin, Farisa da Rum, rubuta sunayensu kawai. Kada ka sa Bagadaza a taswirar, domin sai a shekarar 762 Miladiyya aka gina ta, fiye da ƙarni guda bayan rasuwar Salmanu. Idan kana son mai kallo ya gane wurin, faɗa da baki.

Hanyar tafiyar a ja ta da jar tawada ana ɗauka, zango ɗaya a kowane ɗauka, kwali da waya ba su motsa ba. Yi taswira ta biyu ƙarama ta Madina don Khandak: harra, wato filayen baƙaƙen duwatsu, gabas da yamma, ramin a buɗaɗɗen gefen arewa, dutsen Sal'u a bayan musulmi. Wanda ya ga wannan zanen zai fahimci dalilin da ya sa ba a zagaye garin duka da rami ba.

7. Kayan da za a nuna

Mafi yawansu suna kasuwa ko gidan kaka: garwashi a kasko don wutar majusawa, mari ko tsohuwar sarƙa daga maƙera, tulu, faifai da dabino, diga da kwando, igiya. Tulu 7 ba sai ka saya ba, roƙi mai sayar da tukwane ka ɗauka a rumfarsa da sassafe. Zinariyar da aka ba Salmanu don biyan fansarsa ruwayar ta ce kamar ƙwan kaza take, dunƙulen tagulla mai wannan girman ya wadatar. Faifan dabino zai fito sau biyu, na sadaka da na kyauta. Ɗauki na farko an ci amma ba a taɓa gefe ɗaya ba, na biyu an ci daga kowane gefe.

Bishiyar kuwa ta zama dabino na gaske. Goruba tana da rassa, giginya ganyenta kamar mafici ne, ganyen dabino dogo ne mai jerin ƙananan ganye hagu da dama. Manomi zai gane bambancin nan take. Akwai dabino a Dutse ta Jigawa da yankin Agadas, kuma a can za ka samu 'ya'yan da ake cirewa daga gindin uwa don dashe, irin waɗanda sahabbai suka tara masa har suka cika 300.

Duba bayan hoton kafin ka danna. Wayar lantarki, leda, kwanon rufi, fitilar ƙwai, bugaggen mus'hafi, duk ba na zamanin ba ne. Koriyar ƙubbar masallacin Madina ma an gina ta ƙarnuka bayan haka, don haka kada ta fito a matsayin Madinar da Salmanu ya shiga. Shimfiɗa baƙin yadi ko tabarma, haske ya zo daga gefe ɗaya ta taga, ka sa farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da shi. Idan da ƙwan lantarki kake aiki ka ga layuka suna yawo a hoton, sa saurin ɗauka a 25 fps, shutter, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, a 1/50, domin wutarmu 50 Hz ce. Kowane kaya ka ɗauke shi aƙalla daƙiƙa 15, daga nesa, daga kusa, da daga sama.

8. Haɗawa da fitarwa

CapCut a waya ko DaVinci Resolve a kwamfuta duk za su yi. Tun kafin ɗaukar hoto na farko ya kamata ka san ko a kwance bidiyon yake, 16:9, ko a tsaye, 9:16, domin taswirar da aka ɗauka a kwance idan aka yanke ta a tsaye ko Isfahan ta fita ko Ammuriyya. Jera murya tukuna, ka kulle ta. Sai hotuna a kanta. Sunan gari ya gama fitowa daidai lokacin da aka furta shi. Rubutu a ƙara masa sauri ninki 2 zuwa 4, sannan a bar shi tsaye daƙiƙa 3 bayan ya cika. Sa fassarar Hausa a ƙasa da manyan haruffa, ka tabbatar salon harafin yana fitar da ƙ, ɗ da ɓ, don wasu suna mayar da su akwati.

Kiɗa a bar shi. Da yawa daga masu kallon irin wannan aiki za su rufe da zarar sun ji shi, kuma ba a buƙatarsa. Ƙarar alƙalami a takarda, iska a ganyen dabino, diga a kan ƙasa mai tauri, ka ɗauke su da kanka ka sa ƙasa-ƙasa yadda ba za su danne murya ba. Karatun Alƙur'ani kada a mayar da shi shimfiɗar da ake magana a kanta. Idan aya za ta shigo, mai ba da labari ya yi shiru har a gama.

Wajen kuɗi, abin da ya cancanci kashewa biyu ne: makirufo da ladan mai rubutu. Takarda, tawada, kwali da dabino ƙananan kuɗi ne, manhajoji akwai na kyauta, sauran kaya aro ne. Abin da yakan ci kuɗi ba a shirya masa ba shi ne tafiya zuwa gonar dabino da data ta ɗorawa, don haka rubuta duk hotunan da kake buƙata a gonar ka gama su a zuwa ɗaya.

Fitar da shi a 1080p, MP4, da wani kwafi na 720p don turawa ta WhatsApp. Kafin ka sake shi, kalla a ƙaramar waya da lasifikarta, ka ga ko sunayen taswira suna karantuwa kuma murya tana fita. Sannan mayar wa malamin da ya duba rubutun, wannan karon ya kalli bidiyon duka, yana tsayar da shi a kan kowane Larabci ya duba ɗigo da wasali, da kowane hoto da za a iya ɗauka jikin wani ne.